Yadda ake warware rashin daidaito mai sanduna biyu idan x yana ɓangarorin biyu

Idan aka rubuta lamba a tsakanin sanduna biyu, kamar |−7|, abin da ake nema shi ne nisanta daga sifili a kan layin lambobi. Nisa kuwa ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka |−7| da |7| duk 7 ne. Matuƙar lamba ce tsurarta a ɗaya ɓangaren, kamar |x − 2| < 5, aikin ba shi da wuya. Wahalar tana farawa ne idan x ya bayyana hagu da dama, domin a lokacin ba ka san ko ɓangaren da ke fuskantar sandunan yana sama da sifili ko yana ƙasa ba. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce ɗaukar sukwaya, wato a ninka kowane ɓangare da kansa. Ta biyu ita ce raba layin lambobi yanki-yanki a warware kowane yanki shi kaɗai. Ta farko ta fi sauri, amma tana da sharaɗi. Ta biyu ta fi cin takarda, amma ba ta ƙin kowace tambaya.

Tambayar da za ka yi kafin ka rubuta komai

Dubi ɓangarorin biyu ka tambayi kanka: ko akwai ƙimar x da za ta sa ɗayansu ya sauka ƙasa da sifili? Amsar wannan tambaya ita ce za ta zaɓa maka hanya.

Ga dalili. Idan a da b duk ba su ƙasa da sifili, to a < b da a² < b² magana ɗaya ce. Ana ganin haka daga b² − a² = (b − a)(b + a). Bakan biyu, wato b + a, ba zai taɓa zama ƙasa da sifili ba, saboda haka ba zai juya alamar b − a ba. Amma da zarar ɗaya daga cikin lambobin ta sauka ƙasa da sifili, wannan tabbaci ya rushe. Gaskiya ne −5 < 2, amma sukwayar −5 ita ce 25, ta 2 kuma 4, kuma 25 bai gaza 4 ba. Haka nan 3 > −7, amma 9 bai fi 49 ba. Sukwaya tana shafe alamar ɗebewa, kuma idan alamar ce ke riƙe da gaskiyar maganar, to gaskiyar ta tafi tare da ita.

Saboda haka, idan kowane ɓangare yana cikin sandunansa baki ɗaya, ɗauki sukwaya hankali kwance. Idan ɓangare ɗaya ba shi da sanduna kuma akwai x a cikinsa, dakata tukuna.

Hanya ta farko: sukwaya, idan sanduna sun rufe ɓangarorin biyu

Bari mu warware |2x − 1| < |x + 4|.

Ɓangarorin biyu duk nisa ne, babu wanda zai sauka ƙasa da sifili, sharaɗi ya cika. Kuma sukwayar |a| daidai take da a², don haka sandunan suna faɗuwa da kansu:

(2x − 1)² < (x + 4)²

A nan mutane da yawa sukan buɗe bakunan nan take. Babu laifi, za a isa, amma ni na fi son a kwaso komai zuwa hagu a yi amfani da bambancin sukwaya biyu, wato A² − B² = (A − B)(A + B). Hakan yana ba ka gaɓoɓin kai tsaye, ba sai ka sake nemansu ba.

(2x − 1)² − (x + 4)² < 0

Bakan farko shi ne (2x − 1) − (x + 4). Kula a nan: alamar ɗebewa tana shafar x da 4 duka biyun, sai a samu x − 5, ba x + 3 ba. Bakan biyu shi ne (2x − 1) + (x + 4), wato 3x + 3. Don haka:

(x − 5)(3x + 3) < 0

Raba da 3. Tunda 3 yana sama da sifili, alamar rashin daidaiton ba ta juyawa:

(x − 5)(x + 1) < 0

Wannan ninki yana zama sifili a x = −1 da x = 5. Zana layin lambobi ka sa waɗannan maki biyu, za su raba shi gida uku. Yanzu gwada lamba ɗaya daga kowane gida. A x = −2, ninkin shi ne (−7)(−1) = 7, sama da sifili. A x = 0, (−5)(1) = −5, ƙasa da sifili. A x = 6, (1)(7) = 7, sama da sifili kuma. Muna neman inda ninkin yake ƙasa da sifili, sai gidan tsakiya:

−1 < x < 5

Kada ka tsaya nan. Koma ga tambayar asali, wadda take da sandunanta, ka gwada. A x = 0 muna da 1 < 4, gaskiya. A x = 6 muna da 11 < 10, ƙarya. A x = −2 muna da 5 < 2, ƙarya. A bakin iyaka kuma, x = 5 yana ba da 9 da 9, x = −1 yana ba da 3 da 3. Ɓangarorin sun yi kunnen doki a wuraren nan biyu, kuma tunda alamar < ce ba ≤ ba, ba a saka su cikin amsa.

Wanda ya buɗe bakunan zai samu 3x² − 12x − 15 < 0, wanda shi ne 3(x − 5)(x + 1) < 0. Wuri ɗaya aka nufa.

Wani lokaci x² yana ɓacewa gaba ɗaya, idan lambar da ke gaban x girmanta ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Ɗauki |x − 2| ≥ |x + 6|. Sukwaya tana ba da x² − 4x + 4 ≥ x² + 12x + 36. Da x² ya fita, saura −16x ≥ 32. Yanzu za a raba da −16, lamba mai alamar ɗebewa, dole alamar ta juya: x ≤ −2. Wannan amsa tana da ma'ana mai kyau da ya kamata ka gani. |x − 2| nisan x ne daga 2, |x + 6| kuma nisansa daga −6. Tambayar tana neman lambobin da suka fi kusa da −6 a kan 2, ko suke tsakiya daidai. Tsakiyar −6 da 2 kuwa ita ce −2. Idan ka manta juya alamar, ka samu x ≥ −2, wannan karatu na nisa zai tona kuskuren nan take.

Inda sukwaya take yaudara

Wannan shi ne wurin da nake so ka fi daɗewa a kai. Ɗauki |x − 3| > 2x.

Ɓangaren dama, 2x, ba shi da sanduna. Duk lokacin da x ya sauka ƙasa da sifili, shi ma ya sauka. Bari mu ga abin da zai faru idan mutum ya rufe ido ya ɗauki sukwaya duk da haka.

(x − 3)² − (2x)² > 0

(−x − 3)(3x − 3) > 0

Ciro −1 daga bakan farko da 3 daga na biyu, a raba da −3, alama ta juya: (x + 3)(x − 1) < 0, wato −3 < x < 1.

Lissafin kowane layi daidai ne, amsar kuma tana da kyan gani. Amma gwada x = −10 a tambayar asali. Hagu |−13| = 13, dama −20. Shin 13 ya fi −20? Ƙwarai kuwa. Ke nan −10 amsa ce ta gaskiya, amma sukwaya ta watsar da ita. Ba ita kaɗai ba: duk lambobin da ke daga −3 zuwa ƙasa sun salwanta. Abin da ya faru shi ne, a wannan yanki 2x lamba ce mai alamar ɗebewa wadda ta yi nisa da sifili. Da aka ninka ta da kanta sai ta zama ƙatuwar lamba sama da sifili, 400, ta rinjayi 169, alhali a asali tana can ƙasa.

Yanzu juya alamar: |x − 3| < 2x. Sukwayar ido rufe za ta ba da (x + 3)(x − 1) > 0, wato x < −3 ko x > 1. Gwada x = −10 kuma: 13 < −20, ƙarya ce tsagwaronta. A wannan karo sukwaya ba ta zubar da amsa ba, ta shigo da baƙin amsoshi ne waɗanda ba na tambayar ba.

Ka lura da bambancin kuskuren biyu, domin gano su ba iri ɗaya ba ne. Baƙuwar amsa tana cikin abin da ka rubuta, idan ka gwada lamba daga kowane ɓangare na amsarka za ka kama ta. Amsar da ta salwanta kuwa ba ta cikin takardarka kwata-kwata. Za ka iya gwada lambobi goma daga tsakanin −3 da 1, duk su fito daidai, ka tashi da tabbacin ka gama. Shi ya sa gwaji na gaskiya dole ya haɗa da lambobin da ke wajen amsarka, musamman wata mai nisa ta hagu da wata mai nisa ta dama.

Hanya ta biyu: raba layi yanki-yanki

Tushen wannan hanya shi ne ma'anar sandunan kanta. Idan abin da ke ciki bai sauka ƙasa da sifili ba, cire sandunan ka bar shi yadda yake. Idan ya sauka, cire sandunan ka juya alamar duk abin da ke ciki. Aikinka na farko ke nan shi ne gano inda abin da ke ciki yake zama sifili, domin a nan ne halinsa ke sauyawa.

Mu koma ga |x − 3| > 2x. Abin da ke cikin sanduna, x − 3, yana zama sifili a x = 3. Yankuna biyu ke nan.

Yanki na farko, x ≥ 3. Rubuta wannan sharaɗi a saman aikin yankin, a inda idonka zai riƙa ganinsa. A nan |x − 3| = x − 3, sai tambayar ta zama x − 3 > 2x, wadda ke ba da x < −3. To amma mun shigo yankin ne da sharaɗin x ≥ 3. Babu lambar da take 3 ko sama kuma take ƙasa da −3 a lokaci guda. Wannan yanki bai ba da komai ba.

Yanki na biyu, x < 3. A nan |x − 3| = 3 − x, sai a samu 3 − x > 2x, wato 3 > 3x, wato x < 1. Duk lambar da ke ƙasa da 1 tana ƙasa da 3, don haka sharaɗin yankin bai rage komai ba.

Amsa: x < 1. Ga −10 ta dawo gida, tare da duk 'yan uwanta da sukwaya ta zubar.

Ita kuma |x − 3| < 2x, a yankin x ≥ 3 tana zama x − 3 < 2x, wato x > −3. Kowace lamba a yankin ta cika wannan, don haka yankin duka ya shiga: x ≥ 3. A yankin x < 3 tana zama 3 − x < 2x, wato x > 1, idan aka haɗa da sharaɗin yankin sai a samu 1 < x < 3. Gutsuren biyu suna haɗuwa a 3 ba tare da giɓi ba, amsa ita ce x > 1.

Akwai haɗi iri biyu a wannan aiki, kuma rikita su shi ne kuskuren da ya fi yawa a hanyar. A cikin yanki guda, amsar da ka samu da sharaɗin yankin dole su tabbata tare, sai ka ɗauki inda suka yi tarayya kawai. A tsakanin yankuna kuwa, tattarawa ake yi: duk abin da kowane yanki ya bayar ana zuba shi cikin amsa ta ƙarshe. Wanda ya manta haɗi na farko zai ɗauki x > −3 a matsayin amsa a misalin da ya gabata, ya shigo da x = 0, wanda ke ba da 3 < 0.

Idan har kana son sukwayar

Ana iya gyara ta, muddin an biya sharaɗinta. Idan siffar ita ce sanduna sun gaza wani abu mai x, to wannan abu dole ya kasance sama da sifili, domin nisa ba zai gaza abin da yake sifili ko ƙasa ba. A |x − 3| < 2x sai ka fara rubuta x > 0, sannan ka ɗauki sukwaya, ka samu x < −3 ko x > 1, ka yar da gutsuren da ya saɓa wa x > 0. Saura x > 1.

Idan siffar ita ce sanduna sun fi wani abu mai x, to duk inda wannan abu ya sauka ƙasa da sifili maganar gaskiya ce ba tare da wani lissafi ba. A |x − 3| > 2x, duk x < 0 ya shiga kyauta. Sannan a yankin x ≥ 0 ka ɗauki sukwaya, ka samu −3 < x < 1, ka yanke shi da sharaɗin yankin ya zama 0 ≤ x < 1. Tattara biyun: x < 1.

Idan ka duba da kyau, wannan gyara shi ma rabon yanki ne, sai dai an raba ne bisa alamar ɓangaren dama. A ganina, idan sanduna ɗaya ne tak a tambaya, akwai abin da ya fi duka biyun sauƙi. |A| shi ne mafi girma tsakanin A da −A. Saboda haka |A| < B yana nufin A < B kuma −A < B, duka biyun tare. |A| > B kuma yana nufin A > B ko −A > B, ko da ɗaya ne ya isa. Wannan yana aiki ko B yana sama da sifili ko yana ƙasa, ba sai ka bincika ba. Ga |x − 3| > 2x: ko dai x − 3 > 2x, wato x < −3, ko kuma 3 − x > 2x, wato x < 1. Tattara su, x < 1. Layi biyu, an gama.

Idan sanduna biyu ne kuma akwai ƙari a waje

Yanzu ga wadda rabon yanki ne kaɗai ke warware ta cikin tsabta:

|2x − 4| ≤ |x + 1| + 2

Abin lura, a nan sukwaya ba haramun ba ce, tunda ɓangarorin biyu ba sa sauka ƙasa da sifili. Matsalar ita ce ba ta kawar da sandunan. Sukwayar dama za ta ba da (x + 1)² + 4|x + 1| + 4, ga sanduna nan daram a tsakiya. Kuma kada ka yarda zuciyarka ta raya maka cewa sukwayar jimla ita ce jimlar sukwayoyi, ka tsallake wannan 4|x + 1| ɗin.

Nemo inda kowane abin cikin sanduna yake zama sifili: 2x − 4 a x = 2, x + 1 a x = −1. Jera su daga ƙarami zuwa babba, yankuna uku ke nan. Kafin ka fara lissafi, ɗauki lamba ɗaya daga kowane yanki don ka san alamar kowane abin cikin sanduna a wurin. A x = −3, duka biyun suna ƙasa da sifili. A x = 0, 2x − 4 yana ƙasa, x + 1 yana sama. A x = 3, duka biyun suna sama.

Yankin x < −1. Ana juya duka biyun: 4 − 2x ≤ (−x − 1) + 2. Dama ta zama 1 − x. Ƙara 2x a ɓangarorin biyu ka ɗebe 1, sai 3 ≤ x. Wannan ya saɓa wa x < −1, babu komai a nan.

Yankin −1 ≤ x < 2. Na hagu kaɗai ake juyawa: 4 − 2x ≤ x + 1 + 2, wato 4 − 2x ≤ x + 3, wato 1 ≤ 3x, wato x ≥ 1/3. Tare da sharaɗin yankin: 1/3 ≤ x < 2.

Yankin x ≥ 2. Ba a juya ko ɗaya: 2x − 4 ≤ x + 3, wato x ≤ 7. Tare da sharaɗin yankin: 2 ≤ x ≤ 7.

Tattara: 1/3 ≤ x ≤ 7.

Dubi lambobin da suka zama iyakar amsa, 1/3 da 7. Ba su ne −1 da 2 da muka raba layin da su ba. Makin rabo wurare ne da siffar tambayar ke sauyawa, iyakar amsa kuwa wurare ne da ɓangarorin biyu suke zama daidai da juna. Wannan ya ba ka gwaji mai ƙarfi: saka iyakar a tambayar asali, dole hagu da dama su yi daidai. A x = 7, hagu 10, dama 8 + 2 = 10. A x = 1/3, hagu 10/3, dama 4/3 + 2 = 10/3. Idan ba su yi daidai ba, akwai kuskure a lissafin wannan yankin, kuma ka san wane yanki za ka koma. Daga waje kuma, x = 0 yana ba da 4 ≤ 3, x = 8 yana ba da 12 ≤ 11, duk ƙarya, kamar yadda ya kamata.

Game da makin rabon kansu, ba damuwa ko ka sa x = 2 a yankin tsakiya ko a na dama, domin a wurin abin da ke cikin sandunan sifili ne, juya shi da barinsa duk ɗaya. Abin da ba a so shi ne makin ya faɗa tsakani, babu yankin da ya ɗauke shi. Da a ce mun rubuta x < 2 da x > 2 kawai, da amsarmu ta fito da rami a 2, alhali 0 ≤ 5 gaskiya ne.

Idan x ya ɓace a cikin yanki

Wannan yakan firgita mai koyo, ya ɗauka ya yi kuskure. Ɗauki |x + 2| ≥ |x − 1| + 3, makin rabo −2 da 1.

A yankin x < −2 ana samun −x − 2 ≥ 1 − x + 3. Da x ya fita, saura −2 ≥ 4. Maganar ƙarya ce ko mene ne x, don haka babu lamba ko ɗaya daga yankin da ta shiga. A yankin −2 ≤ x < 1 ana samun x + 2 ≥ 4 − x, wato x ≥ 1, wanda ke wajen yankin, nan ma babu. A yankin x ≥ 1 ana samun x + 2 ≥ x − 1 + 3, wato 2 ≥ 2. Wannan gaskiya ce ko mene ne x, saboda haka yankin duka ya shiga, amsa ita ce x ≥ 1.

A wannan tambaya 'yar layin da ke ƙarƙashin alamar ita ce komai. Da a ce > aka rubuta maimakon ≥, yankin ƙarshe zai ba da 2 > 2, wanda ƙarya ne, sauran yankunan biyu kuma ba za su ba da komai ba. Sai ka rubuta cewa babu ƙimar x da ta cika sharaɗin, kuma wannan cikakkiyar amsa ce.